Yaya take ce min, kuma ni aka ba binciken wanda zai aure ta

Assalamu alaikum Hajiya. Dan Allah a ɓoye sunana. A Makka aka haife ni, shekarata 28, tuƙi nake yi ina kai alhazai da masu Umara Jidda da Madina. Akwai yarinyar da muka tashi gida ɗaya da su, su a sama mu a ƙasa, tunda mahaifiyata ta rasu ummanta ta riƙe ni kamar ɗan cikinta. Ni ke kai su mustashfa, wato asibiti, ni ke sa mata kati, komai ya same ta ni take fara kira, wani lokacin har biyun dare muna hira a waya. Na daɗe ina sonta ban faɗa ba. A azumin da ya wuce nace mata cikin wasa ni fa zan aure ki kowa ya huta, tayi dariya tace haba Yaya, kai fa yayana ne, wa yake auren yayansa. Nima nayi dariya amma ranar ko abincin buɗa baki ban iya ci ba. Yanzu wani ya fito daga Jidda, ta nuna min hotonsa tana ta murna, Umma kuma tace ni zan yi bincike a kansa tunda ina da mutane a can. Na tambaya, ance ya taɓa aure sun rabu, sauran duk alheri ake faɗa. Wallahi zuciyata tana ce min in ƙara gishiri. Wani lokacin kuma ince inje in faɗa wa Umma gaskiya, nasan in na roƙa ba za ta hana ni ba. Ko in tattara in koma Riyad kawai? Bacci ma ya gagare ni.

Ɗanki daga Makka

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifiyarka, ya sanyaya maka zuciya. Babu zunubi a cikin abinda kake ji, zuciya ba ta da ƙashi, kuma wanda ya iya fitowa fili yace raina yana raya min in ƙara gishiri ai da sauran tsoron Allah a tare da shi, mugu ba ya tambaya, aikatawa kawai yake yi. Dan haka bari in fara da maganar binciken, ita ce ba ta jira, sauran duk za su iya kwana.

Ka ajiye binciken nan a satin nan. Annabi (SAW) yace wanda aka nemi shawararsa amana aka ba shi, kai kuwa a halin da kake ciki ba za ka iya riƙe wannan amanar daidai ba ko da ka rantse ba za ka yi ƙarya ba. Ai ba sai mutum yayi ƙarya yake rusa aure ba. Ya isa Umma ta tambaye ka ya kaga yaron, kayi shiru na ɗan lokaci, ka sauke ajiyar zuciya, kace toh Umma, Allah dai ya zaɓa abinda ya fi alheri. Shikenan ka gama da shi, baka faɗi kalma ɗaya ta ƙarya ba, amma uwa tana karanta fuskar ɗan da ta raina fiye da yadda take sauraron bakinsa. Akwai kuma ɗaya gefen da mutane basa lura da shi, tsoron kar ace son kai ne sai ya sa ka danne abinda ka jiyo ka yabi mutumin fiye da yadda ka san shi, to wannan ma cin amana ne, dan in aka yi auren abu ya ɓaci kai za a tuna. Ko ta ina ka bi ma'auninka ya karkace, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abinda ka riga ka jiyo kuwa dole ka isar da shi yadda ka ji shi. Ka hau sama da rana, lokacin da ita yarinyar bata nan, kace Umma na tambayi mutum kaza da mutum kaza, sunce ya taɓa aure sun rabu da matar, dalilin rabuwar ban sani ba, sauran abinda suka faɗa a kansa alheri ne, amma wannan magana ta fi ƙarfina, ta manya ce, a ba Kawu ko Baffa su ƙarasa. Kaga a nan ka faɗi sakin, ka faɗi alherin, ka faɗi iyakar saninka, ka kuma miƙa abin hannun wanda dama shi ya kamata ya riƙe, wato waliyyinta da dattawan gidansu. Su ne za su je masallacin unguwarsu su ji ko ana ganinsa a sahu, su tambayi wajen aikinsa, su duba maganar takardunsa, in da hali ma su nemi wani daga dangin tsohuwar matar su ji ta bakinsu. Rabuwar aure ita kaɗai ba ta nuna mutum mugu ne, dalilinta ne abin nema, kai kuma ba kai ne za ka nemo shi ba. Ka tuna kuma tsakanin Makka da Jidda tafiyar awa ɗaya ce a mota, kai ka fi ni sani, mu Hausawan nan kuma duk yawanmu 'yan kaɗan ne in ana maganar gulma, abinda aka faɗa a unguwar Shara Mansur ta Makka da safe kafin la'asar ya isa unguwar Karantina ta Jidda. Ranar da aka gane kana sonta, kuma za a gane, duk wata kalma da ka faɗa a kan mutumin nan za a dawo da ita a sake aunawa.

Toh sai tambayar da nasan ita ce take hana ka baccin ko da baka rubuta ta ba, shin dariyar nan da tayi amsa ce ko kuwa bata gane da gaske kake ba. Maganar da aka yi cikin wasa tana barin kowa da ƙofar fita, kai ka samu ta cewa ai wasa nake, ita ma ta samu ta cewa ai wasa na ɗauka, shi yasa har yau kake rataye. Amma ana iya ganewa daga abinda ya biyo baya. Macen da take ɓoye so, in aka taɓo mata maganar ko da wasa ne bata komawa yadda take. Za ka ga kunya ta shigo inda da babu, ta fara gyara gyale in ka shigo, ko bayan kwana biyu ta dawo da zancen da kanta tace wai ranar nan me kake nufi, ko ta fara bin diddigin wacece take kiranka, ko ta tura ƙawarta ta latsa ka. Kai ka san ko ɗaya daga cikin waɗannan ya faru tun daga azumi zuwa yau. In babu ko ɗaya, sannan da manemi ya fito kai ta fara kawo wa hotonsa da fara'arta, to ɗaya cikin biyu ne, ko dai baka taɓa zuwa mata a rai ta wannan fuskar ba, ko kuma ta gane sarai tana so ta rufe maganar cikin mutunci ba tare da ta kunyata ka ba. Ni a ganina na biyun ya fi kusa, mata ba kasafai irin wannan wasan yake wuce mu ba. Ko wanne ne dai amsar ɗaya ce, kuma gara ka ji ta daga bakina yau da ka ji ta ranar ɗaurin aure.

Wani abu ma da ya kamata ka tabbatar tunda gida ɗaya kuka tashi, ka tambayi wata dattijuwa a cikin danginku ko Umma ta taɓa shayar da kai kana jariri, ko mahaifiyarka ta shayar da ita. A gidajen haya irin namu da mata suke barin 'ya'ya a hannun juna su fita nema wannan yana faruwa sosai kuma sai a manta. A mazhabar Malikiyya da muka gada ko shayarwa ɗaya ce a cikin shekara biyun farko tana haramta aure, a wajen Shafi'iyya da Hambaliyya sai ta kai biyar. In ya tabbata an yi, to ƙanwarka ce ta gaske, magana ta ƙare ta wata hanyar, sai ka samu malami ya yi maka bayani dalla dalla. In kuma ba a yi ba, to ita ba muharramarka ba ce, aya ta 23 a Suratun Nisa'i ta lissafa matan da suka haramta ga mutum kuma 'yar maƙwabta bata ciki duk yadda aka shaƙu. Wannan kuwa kaifi biyu gare shi, aurenta ya halatta gare ka, amma hirar biyun dare da zama ku biyu kaɗai a mota ba su halatta ba dan kawai tana ce maka Yaya. Ban faɗa dan in yi maka wa'azi ba, na faɗa ne dan waɗannan abubuwan su ne itacen da wutar take ci.

Yanzu zuwa wajen Umma. Nasan wannan ce hanyar da tafi jan ranka saboda kasan za ta iya yin aiki, ni kuma saboda za ta iya yin aikin nake tsoronta. Ka zauna ka hango yadda abin zai kasance. Umma za ta kira ta ɗaki tace yaron nan maraya ne, a hannuna ya tashi, duk wahalar gidan nan shi yake ɗauka, ke yanzu sai ki guje shi ki bi baƙo? Yarinya mai tarbiyya me za tace? Za ta sunkuyar da kai tayi kuka tace toh, sai kowa yace ai shirun budurwa yarda ne, alhali shirun da shari'a take nufi na kunya ne, ba na wadda aka ɗaure da igiyar alheri ba. Sai ka wayi gari da matar da take dafa maka abinci tana wanke maka kaya amma in ka shigo ɗaki hirarta ta mutu, wannan dariyar da kake so a wajenta ita ce abu na farko da za ka rasa. A can ƙasan ranka kuma kullum za ka san ba zaɓarka tayi ba.

A Madina, garin da kake kai mutane ziyara kullum, aka yi wani abu makamancin naka, Bukhari ya ruwaito shi daga Ibn Abbas. Barira baiwa ce da Nana A'isha ta 'yanta, mijinta Mugis bawa ne, da ta samu 'yanci aka bata zaɓi ta zauna da shi ko ta rabu, sai ta zaɓi rabuwa. Mugis ya riƙa binta a baya yana kuka hawaye na zuba a gemunsa, har Annabi (SAW) ya cewa Abbas ba ka mamakin son da Mugis yake wa Barira da ƙin da Barira take wa Mugis ba? Annabi da kansa yace mata da ma kin koma masa, tace ya Manzon Allah umarni kake bani? Yace a'a ceto nake yi, tace to bani da buƙatarsa. Abu biyu nake so ka duba a nan. Babu wanda ya zagi Mugis ko yace masa ba namiji ba ne dan yayi kuka, tausayinsa aka ji. Sannan mafificin halitta ya sa baki, mace tace a'a, aka bar ta a kan a'arta, ba a ce tayi butulci ba. In ceton Annabi bai zama dole a kan Barira ba, to roƙon Umma bai kamata ka mayar da shi dole a kan wannan yarinyar ba. Ka tausaya wa Umma ma, za ka sa ta a tsakiya ne tsakanin 'yar da ta haifa da ɗan da ta raina, duk wanda ta zaɓa a cikinku ta yi asarar ɗaya.

Akwai kuma hukuncin nema cikin nema, hadisi ya hana mutum ya nemi aure a kan neman ɗan'uwansa har sai na farkon ya bari ko ya yi masa izini. Malamanmu na Malikiyya sun ɗora hanin a kan lokacin da aka karkata ga mai neman. Gaskiya ne ba a ba shi ba tukuna tunda ana kan bincike, amma yarinya tana murna, uwa ta karɓi maganar har ta sa a bincika, inaga ba sai an daɗe ana lissafi ba kafin a ga inda aka karkata. In kana da shakka ka kai wa malamin da ka yarda da shi maganar yadda take ba tare da ka gyara ta ba. In Allah ya sa maganar Jidda ta watse da kanta, babu hannunka babu bakinka a ciki, to a lokacin ƙofa a buɗe take, kayi istihara, ka tambaye ta ita da farko da gaske ba da wasa ba, in ta amsa sannan ka tura manya. Amma kar ka zauna jiran wannan, mai jiran auren wani ya lalace addu'arsa ma bata fita da tsabta.

Abinda ya rage shine ja da baya, kuma akwai hanya biyu. Za ka iya janyewa shiru ka fake da aiki, kace lokacin Umara ne zirga zirga tayi yawa. Amfanin wannan shine babu wanda ya ji kunya, matsalarta kuma ita ce yarinyar da ta saba kiranka kullum ba za ta yarda da wannan uzurin ba, za ta biyo ka da Yaya me nayi maka, Yaya fushi kake dani, tayi kuka, kai kuma kasan ba za ka iya jure kukanta ba, sai ka dawo ka ma fi da kusanci. Shi yasa ni nafi karkata ga ta biyun, magana ɗaya gajeriya, da rana, a rubuce ma ya fi dan kar murya ta ci amanarka. Wani abu kamar haka: maganar da na yi miki a azumi ba wasa ba ce, na kuma fahimci amsarki, bana neman ki canza komai, ina yi miki fatan alheri a abinda kika zaɓa, amma zan rage hira da kira dan in samu kaina, babu laifin da kika yi min. Iyakarta kenan. Kar ka lissafa mata shekarun da kayi kana sonta, kar ka tuna mata dawainiyar da kayi, kar ka saka maganar rashin bacci, duk waɗannan in suka shiga saƙon ya tashi daga bayani ya koma roƙo, roƙo kuma a wannan gaɓar shine neman cikin neman da muka gama magana a kai. Duk abinda ta amsa ka karanta kace na gode, kar a buɗe sabuwar hira a kai.

Ka shirya ma ranka cewa ita ma abin zai yi mata zafi. Wani masanin halayyar ɗan adam a Amurka, Roy Baumeister, shi da abokan aikinsa sun fitar da bincike a 1993 a kan irin wannan son, suka tattara labaran waɗanda aka ƙi da na waɗanda suka ƙi. Abinda ya fito shine wanda ya ƙi ɗin ma yana shan wahala, yana fama da jin ya yi laifi da rashin sanin yadda zai faɗi a'a ba tare da ya wulaƙanta mutum ba, sai ya riƙa sassauta magana, shi kuma mai son ya ɗauki sassaucin a matsayin alamar akwai fata. Kaga yadda kirkinta da fatanka suke ciyar da juna babu mugu a cikinku. Tana da nata kason, budurwa mai shekarunta ya kamata ta san namijin da ba muharraminta ba ba ya raba dare yana sauraronta a banza, amma kai ma ka amsa sunan yayan kana cin moriyarsa, da shi kake shiga gidan kai tsaye, da shi kake jin sirrinta. Kar ka bari zafin ya juye ya zama cewa ta yaudare ka, bata taɓa yi maka alkawari ba.

Ja da bayan kuma a aikace ake yinsa ba a zuci ba. Ka raba hidimar Umma da hidimar yarinyar. Ta Umma tana nan har abada, mustashfa, cefane, gaisuwar safe, duk abinda ɗa yake wa uwa, wannan matar ta riƙe ka lokacin da baka da kowa kuma bata da laifin komai a wannan maganar. Ta yarinyar ce za ta tsaya. Katin waya ka daina, in za ta fita ita kaɗai ga Uber ga Careem ga 'yan'uwanta, in da Umma ne a motar ka kai su. Wayarka in an yi isha'i ka daina amsa hirarta, ka saka lambarta a archive a WhatsApp, ka yi mute na abinda take ɗorawa, dan mutum yana iya daina magana da mace amma ya kwana yana leƙa ko tana kan layi yana tambayar kansa da wa take hira, wannan bai ja da baya ba ya dai canza wajen tsayuwa ne. Ban ce ka toshe ta ba, gida ɗaya kuke, toshewa za ta ja tambayoyi a sama da ƙasa. Hotunanta da saƙonnin muryarta ka goge su, har waɗanda ka tura wa kanka ka ɓoye. Na farko dan da su kake ɗebe kewa da dare ciwon yana sabunta, na biyu kuma sirrin 'yar mutane ne da take shirin shiga gidan wani, waya tana ɓata, aboki yana ɗauka, zuciya ma tana da ranar da take ɓaci. A ƙasar nan kuma dokar laifukan intanet ta 2007 tana hukunta ɓata suna ko yi wa mutum barazana ta waya da ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000. Nasan ba halinka ba ne, amma abinda babu shi a wayar shaiɗan ba shi da abin kamawa.

Maganar kuɗi kuma ka rufe ta a ranka tun yanzu. Duk abinda ka bayar da sunan kyauta ya tafi, kar wata rana ɓacin rai ya sa ka fara lissafin kati da man mota. In akwai wanda aka ambata da sunan rance, a ce ka ara mata riyal 1,000 ta ce za ta biya, to ko ka yafe ka faɗa mata sau ɗaya ka yafe, ko ka bar Umma ta san da shi a biya ka ta hannunta, kar ya zama dalilin da za ka riƙa kiranta.

Makonnin farko sun fi yanzu zafi, in ka ji haka kar ka ɗauka kuskure kayi, lokacin da kuka saba hira ne zai riƙa zuwa ya tarar da kai babu abin yi. Ka cika wannan lokacin da wani abu takamaimai tun kafin ya zo, ka sauka Harami kayi ɗawafi, ko ka zauna wajen abokai masu shayi, ko ka kwanta da wuri ka bar wayar a caji nesa da katifa. Inda aka fi faɗuwa shine ranar da za ta kira cikin damuwa, sun samu saɓani da mutumin ko wani abu ya taso a gida, sai ka ji ai yanzu ne take buƙatata. Ranar ka saurara minti biyu kace ki faɗa wa Umma ko Anti wance, su suka fi dacewa. Ka sani ko da baka janye da kanka ba wannan kusancin kwanansa ya kusa ƙarewa, babu mijin da zai yarda matarsa tana da yayan da ba na jini ba da take kira da tsakar dare, gara ka sauka da ƙafarka da a sauke ka.

Riyad kuwa ban goyi baya ba, aƙalla ba yanzu ba. Kasuwarka tana tsakanin Makka da Madina da filin jirgin Jidda, mutanenka suna nan, in kuma igamarka, wato takardar izinin zamanka, tana hannun kafili, mutumin da ya tsaya maka, kasan canjin aiki da gari ba abu ne na dare ɗaya ba, sannan za ka je inda baka san kowa ba ka kulle kanka a ɗaki da waya a hannu, tunanin ma ya fi samunka a can. In zaman gidan ne ya yi maka nauyi, jin takunta a bene da jin muryarta ta taga, ka nemi ɗaki a wata unguwar cikin Makka, ko ka haɗa da wani abokin tuƙinka na 'yan watanni, kace wa Umma ya fi maka kusa da wajen aiki, ka riƙa zuwa gaishe ta ranar Juma'a. Kar kuma ka yi wuf ka nemi wata dan ka nuna kai ma ana sonka, za ka ɗora wa 'yar wani abinda ake yi maka yanzu.

Rashin baccin nan shi ya fi tsaya min a rai saboda sana'arka. Hanyar Madina ta haura kilomita 400, miƙaƙƙiya ce mai sa gyangyaɗi ko ga wanda ya ƙoshi da bacci, kai kuma rayukan baƙin Allah kake ɗauka. Daren da baka runtsa ba dan Allah ka ba wani abokinka tafiyar, kuɗin ranar bai kai rai ba. In kuma ka ga an haura sati biyu bacci bai dawo ba, abinci baya shiga, abinda kake jin daɗinsa da duk ya fita a ranka, ko ka fara jin gara ma ka mutu ka huta, to abin ya wuce ciwon so kaɗai, ka ga likita, ko ka kira 937 layin ma'aikatar lafiya su nuna maka inda za ka je, ka kuma faɗa wa mutum ɗaya da ka yarda da shi, namiji babba mai riƙe sirri wanda ba ɗan gidan ba.

In an sa rana za a nemi ka shige gaba a hidima tunda kowa yayanta ya sanka. Ɗaurin aure ka je, ka yi addu'a, ka ba Umma gudummawarka a hannu gwargwadon ƙarfinka. Amma ɗaukar amarya a motarka zuwa Jidda kar ka karɓa, tun da wuri ka haɗa su da wani direban ka biya shi in kana so. In Umma ta ritsa ka tace wai me yake damunka kwanan nan, kar ka yi mata ƙarya kar kuma ka zazzage mata komai ana tsakiyar shiri, kace Umma akwai abinda nake fama da shi a raina, ki sa ni a addu'a, in komai ya lafa zan faɗa miki. Mai yiwuwa ma ta riga ta sani.